Yadda ake fassara “a'a” ta mutumin Iran a imel ɗin kasuwanci na Turanci

In ka hau tasi a Tehran ka iso inda za ka, ka miƙa wa direba kuɗi, abin da za ka fara ji daga bakinsa shi ne “gabel nadare”, wato abin bai kai a karɓi kuɗinka ba. Wanda ya san gari ba ya mayar da kuɗinsa aljihu. Sai ya ce “hahesh mikonam”, don Allah dai, ya sake miƙawa, direba ya faɗi kuɗinsa ya karɓa, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Wannan ɗabi'a ita Iraniyawa ke kira ta'arof. Kalmar daga Larabci take, daga tushen da ke nufin sanin juna, amma a Farisanci ta zama sunan dukan wasan girmamawar da ake yi da baki: ka yi tayin abin da ba lallai kake son a karɓa ba, ka ƙi abin da kake so sai an nace, ka ƙasƙantar da kanka ka ɗaga abokin maganarka. William Beeman, wanda ya fitar da littafi kan harshe da matsayi a Iran a 1986, ya bayyana shi da cewa kowa ƙoƙari yake ya riga ɗan'uwansa kama matsayin ƙasa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mun san “bismilla” da ake yi wa mai wucewa a kan abinci, mun san “alhamdu lillahi” da yake mayarwa, kuma mun san cewa “albarka” a bakin mai kaya tana nufin tayinka bai kai ba. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka sa ka a tsakiya: ɗan kasuwar Iran ya faɗa maka amsarsa, ko ya rubuto ta da Farisanci, kai kuma aikinka ne ka aika wa mai saye da Turanci, mutumin da ba ya ganin fuskar kowa, ba ya jin murya, sai abin da ke rubuce kawai. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: gane wace irin magana ce a gabanka

Abubuwa uku ne ke zuwa da kama ɗaya, kuma wanda ya cakuɗa su ya ɓata ciniki tun kafin ya rubuta harafi.

Akwai ƙi na ladabi, wanda a ƙarƙashinsa e ce. Ka ce za ka biya wa baƙonka kuɗin masauki, ya ce “zahmat nakeshid”, kada ku wahalar da kanku. Jira yake ka sake tayi. Akwai kuma tayi na ladabi, wanda ba a so ka karɓa, kamar na direban nan, ko mai kaya ya ce “mehmane ma bashid”, ku zama baƙinmu, a kan kayan da ya kashe kuɗi ya tanada. Na uku shi ne mafi haɗari a kasuwanci: ƙi na gaske da aka naɗe cikin magana mai kama da yarda. Wannan ne ke fitowa da kalmomi irin su “barrasi mikonim”, za mu duba, da “habar midam”, zan sanar da ku, da “bebinim ci mishe”, bari mu ga abin da zai yiwu.

Abin da ke haifar da na ukun nan yana da suna, rudarbayesti. Kusan shi ne kara a Hausa: nauyin da kake ji na kallon idon mutum ka ce masa a'a. A bayansa kuma akwai aberu, wanda asalin ma'anarsa ruwan fuska, wato mutunci. Mai kayan yana tsare aberu ɗinka ne da nasa a lokaci guda. A ganinsa bai yaudare ka ba, domin duk ɗan gari da ya ji “za mu duba” ba rana ba adadi ya san an rufe magana.

Mataki na biyu: tabbatar kafin ka rubuta

Kada ka yanke wa maigidanka, wato ɗan kasuwar Iran ɗin, hukuncin da bai yanke ba. Ba kowace “za mu duba” ce ƙi ba, wani lokaci da gaske sai ya tuntuɓi abokin haɗin jarinsa. Don haka sai ka gwada maganar.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka nemi abu mai kamawa a cikinta: rana, ko adadi, ko sunan wanda zai yi aikin. “Zan sanar da ku ranar Asabar bayan na yi magana da ma'ajinmu” alkawari ne. “In sha Allahu za mu sanar da ku” kawai, ba komai a jikinta, yawanci sallama ce. Haka ma kalmar “cashm”, wadda ke nufin ido, wato a kan idona. Ana faɗinta da nufin to, na ji na karɓa, amma ƙarami kan faɗa wa babba ita don girmamawa ko da bai san yadda zai cika ba. In ba ta zo da rana ba, kada ka ɗauke ta a matsayin sa hannu. Sai kuma kalmomin da ke share wa ƙi hanya: “mota'assefane”, abin takaici, da “sharmande”, ina jin kunyarku, da “fe'elan”, a yanzu dai. In ka ji ɗaya daga cikinsu, abin da ke biye da ita shi ne ainihin amsar, komai zaƙin abin da ya gabace ta.

In har yanzu kana shakka, kira shi a waya, ku biyu kawai. Kada ka tambaye shi a imel ɗin da aka saka wasu a ciki, don a gaban jama'a ta'arof ƙaruwa yake. Akwai mabuɗin da su da kansu suke amfani da shi: “bedune ta'arof”, ba tare da ta'arof ba. Ka ce masa, bedune ta'arof, in gaya wa mutumin nan ya nemi wani wuri ko ya jira? Ka lura da yadda aka gina tambayar. Ba ka tilasta masa furta a'a ba, ka ba shi zaɓi biyu ne ya nuna ɗaya. Sannan ka ƙara da tambayar da ta fi kowace amfani: to me za mu iya ba shi? Sau da yawa a nan ne ainihin farashi ke fitowa.

Ana yawan cewa sau uku ake ƙi kafin a karɓa. A kan shayi da abinci wannan ƙiyasi ne mai kyau, ko da yake ba doka ba ce. A kan kuɗi da sharuɗɗan ciniki kuwa, kada ka dogara da shi. Mai kayan da ya kauce wa rangwame sau biyu ba jira yake ka nace karo na uku ba.

Mataki na uku: raba saƙon gida biyu

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce kana rubuta wa wani mai fitar da za'afaran a Mashhad wasiƙunsa na Turanci. Yankin Hurasan ne ke noma mafi yawan za'afaran na Iran, Iran kuma ita ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na duniya, don haka irin wannan saƙo yana yawan zuwa. Wani mai shago a Ingila, wanda ba ku taɓa ciniki da shi ba, ya rubuto yana son kilo 5 na samfurin da ake kira negin, da rangwamen kashi 15, kuma zai biya kwana 60 bayan kaya sun isa. Maigidanka ya amsa da Farisanci, abin da in an juya shi Hausa zai zama kamar haka:

“Da sallama da girmamawa. Kun ɗaukaka mu da saƙonku. Kayan ba su kai darajarku ba. Umarninku a kan idonmu yake. Sai dai bawanku yana jin kunya, don halin da kasuwa ke ciki kun fi mu sani. In Allah ya so za mu duba mu sanar da ku. In kun zo Mashhad, takunku a kan idonmu.”

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A dama ka zuba duk abin da girmamawa ce, a hagu ka zuba abin da hukunci ne. Za ka ga jimla shida sun tafi dama. A hagu abu ɗaya ya rage, wato “sai dai ina jin kunya, halin kasuwa”, kuma shi ma ba a ƙarasa shi ba. Ma'anarsa ba zan iya ba.

Yanzu dubi abin da ke faruwa in aka juya kalma da kalma:

```
The goods are not worthy of you. Your order is upon our eyes.
I am ashamed. God willing, we will review it and inform you.
```

Mai shagon zai fahimci abubuwa huɗu, kuma duka kuskure ne. Daga jimlar farko zai ɗauka kayan ba su da kyau, ko kuma ƙofar ƙarin ragi a buɗe take. Kalmar da aka fassara umarni da ita ita ce kuma kalmar odar kaya a Turanci, don haka zai zaci an karɓi odarsa. Jin kunya a Turancin kasuwanci na wanda ya yi laifi ne, sai ya fara tunanin ko akwai abin da ake ɓoye masa. Jimlar ƙarshe kuwa alkawari ce a wurinsa, zai sa rana a kalandarsa, bayan mako guda ya rubuto yana tambaya, bayan mako biyu ya rubuto da fushi. Maigidanka kuma zai yi mamakin mutumin da aka ba amsa cikin mutunci amma ya ƙi ji.

To, a ce ka kira maigidanka, ka yi masa tambayar bedune ta'arof, ya ce maka bashi ga baƙon ciniki ba zai yiwu ba, ga shi ma karɓo kuɗi daga waje wahala ce saboda takunkumin da ke kan bankunan ƙasar, amma zai iya rage kashi 5 in an biya rabi tun farko, rabi kafin kaya su tashi. Yanzu kana da abin rubutawa.

Mataki na huɗu: gina imel ɗin

Turancin kasuwanci ma yana da nasa kara, musamman na Ingila. Bambancin shi ne, a can ana sassauta lafazin ƙi ne, ba a cire shi. Dole a samu jimla ɗaya da in an ɗauke ta ita kaɗai, mai karatu zai san an ƙi. Girmamawar kuma ta kewaye ta ta gaba da baya. Tsarin da ya fi aiki shi ne godiya a layi ɗaya, sai hukunci, sai abin da za a iya bayarwa, sai rufewa mai daɗi:

```
Thank you for your enquiry and for your interest in our negin saffron.
I'm afraid we cannot offer a 15% discount or 60-day payment terms
on a first order.
We can offer 5% on 5 kg, with half paid in advance and half
before dispatch. This offer is valid until 10 March.
We would be very glad to work with you.
```

Duba inda kowane yanki na Farisancin ya koma. “Kun ɗaukaka mu” da “kayan ba su kai darajarku ba” sun narke sun zama godiyar layin farko. Kunyar maigidanka ta koma `I'm afraid`, wadda ba tsoro take nufi ba a nan, alama ce da mai jin Turanci ya sani cewa labari mara daɗi na tafe, daidai aikin da “sharmande” ke yi. Kana iya sa `Unfortunately` a madadinta, amma ɗaya ta isa. In ka jera su biyu ko uku kana ta ba da haƙuri, sai ya zama kamar kana roƙon a matsa maka.

Kalmar da ke ɗauke da nauyin imel ɗin ita ce `cannot`. In maigidanka ya ga ta yi masa kaushi, akwai `we are not in a position to offer`, wadda ta fi laushi kuma har yanzu ƙi ce sarai. Abin da ba za ka yarda a sa ba shi ne `it may be difficult` ko `we will look into it`, domin ta farko gayyatar ciniki ce, ta biyu kuma alkawari.

Sai ɗan guntun nan, `on a first order`. Shi ne ya fi kowane kusa da ruhin ta'arof, don ya ɗauke ƙin daga kan mutumin ya ɗora shi kan ƙa'ida. Ba a ce ba a yarda da shi ba, an ce haka ake yi wa duk wanda ya zo karon farko, kuma an nuna masa cewa gaba abin na iya sauyawa. Mutuncinsa ya tsira, wanda shi ne abin da maigidanka ke nema tun asali. Amma ka sa shi ne kawai in gaskiya ne. Haka ma `at this time`, fassarar “fe'elan”. In maigidanka ba zai taɓa ba da bashi ba, cire ta, in ba haka ba bayan wata uku saƙon zai dawo.

Dalili kuwa, jimla ɗaya ko ma babu. Wasiƙar Farisanci tana son doguwar shimfiɗa kan halin kasuwa da tsadar kaya. A Turanci duk dalilin da ka ƙara ka ba mai saye abin da zai yi gardama da shi ne.

Gayyatar Mashhad fa? Nan sai ka sake tambaya. In da gaske ne, rubuta ta da abin kamawa, misali a ce in zai zo ya sanar da ku ku nuna masa wurin da ake tace kayan. In ta'arof ce, layin ƙarshe na imel ɗin ya wadatar. Bature na iya sayen tikiti a kan gayyatar da aka yi don daɗin baki.

Mataki na biyar: abin da ba ya shiga rubutu ko kaɗan

“Gabel nadare” ba ta da wuri kusa da takardar kuɗi. In mai saye ya tambayi kuɗin samfurin gwaji, maigidanka ya ce bai kai a biya ba, sai ka tambaye shi kyauta ne ko a sa farashi. In kyauta ne ka rubuta `free of charge`, ka kuma faɗi wanda zai biya kuɗin aikawa. In ba kyauta ba ne ka rubuta adadin. Imel hujja ce da ake ajiyewa, kuma `it's nothing` da aka rubuta cikin ladabi tana iya dawowa ranar da ake rigimar biya.

Kalmomin ƙasƙantar da kai ma a bar su a gida. Mai rubuta Farisanci na kiran kansa “bande”, bawa, ya kira abokin maganarsa “janabe ali”, ya ce shi “arz” ya yi, wato ya gabatar da magana cikin ladabi, ɗayan kuma “farmud”, ya yi umarni. Duk wannan a Turanci `I` ne da `you`. Girman da ake son bayarwa ya tafi cikin gaisuwa da sunan mahaifi da muƙami, da kuma amsa saƙo a kan lokaci, wanda a wurin mai shagon nan ya fi kowace kalma nuna an ɗauke shi da daraja. “In sha Allahu” kuwa ya danganta da mai karɓa. Musulmin da ke Dubai zai fahimce ta, amma ko a wurinsa ka haɗa ta da rana.

Rana ma tana da nata tarko. Ba banza na sa 10 ga Maris a misalin nan ba. Sabuwar shekarar Iran, Noruz, tana kamawa 20 ko 21 ga Maris, kuma harkoki kan lafa har kwana 13. Saboda haka in maigidanka ya ce “ba'ad az eid”, bayan idi, a ƙarshen hunturu, yawanci Noruz yake nufi ba Salla ba, kuma jimlar kan zama hanyar ture magana gaba. In da gaske yake, rubuta ranar da kalandar Turawa, wajen makon farko na Afrilu, don nasu kalandar ta rana ce dabam, shekararsu ta 1403 ta fara ne a Maris na 2024. Ka kuma tuna Juma'a ce ranar hutunsu, Alhamis ma wurare da yawa rabin yini ne ko a rufe, makon aiki kuma Asabar yake farawa. In an ambaci kuɗin gida, tambayi toman ne ko riyal, domin a baki toman ake faɗi, shi kuma riyal 10 ne.

Mataki na shida: karanta wa maigidanka kafin ka aika

Mayar masa da imel ɗin da baki, jimla jimla, musamman ta ƙin. Kusan kullum zai ce ta yi tsauri, a ɗan sassauta. Kada ka yi masa gardama kan ladabi, ya fi ka saninsa a harshensa. Nuna masa sakamako: in muka ce za mu duba, mutumin nan zai jira mu mako biyu, ya rasa wani mai kayan, sannan ya ce mun yi masa ƙarya. Mutumin da ya damu da aberu yana jin wannan hujja nan take. In ya nace, ƙara zaƙi a layin farko da na ƙarshe, ka bar na tsakiya yadda yake.

Hanyar gane ko aikin ya yi kyau ita ce amsar da ta dawo. In mai shagon ya karɓi kashi 5, ko ya tayo kashi 8, ko ya yi godiya ya tafi, saƙo ya isa. In kuwa ya rubuto yana tambayar yaushe zai ji hukuncinku, to ƙin bai fita ba, kuma gyaran ba ya son jinkiri. Aika masa gajeren saƙo a ranar, ka ɗora laifin a kan rubutun:

```
Apologies if my last message was unclear. To confirm, we are unable
to accept 60-day terms. Our offer of 5% remains open until 10 March.
```

Kada ka ƙara masa wani sabon dalili, kuma kada ka tsawaita wa'adin sai maigidanka ya ce a tsawaita.